MCV ya ce lafiya lau, RDW ya ce da sauran magana

Sista Mai Awo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son masu ido a kan takardar gwajin jini su duba mini wannan. Mace ce 'yar shekara 34 daga wani ƙauye a wajen Kumo, haihuwarta bakwai, na ƙarshen wata biyar ke nan tana shayar da shi. Kukanta jiri, bugun zuciya, da haki in ta ɗebo ruwa. Tafin hannu fari fat, cikin ido ma haka. Ba zazzaɓi, gwajin maleriya bai nuna komai ba. Mun tura ta Gombe ta yi cikakken gwajin jini, ga abin da na'ura ta fitar:

```
HGB     8.9 g/dL
HCT     27.5 %
RBC     3.27
MCV     84 fL
RDW-CV  21.3 %
RDW-SD  63 fL
PLT     465
```

Ni na sa rai zan ga MCV a ƙasa in ce ƙarancin ayon ne, wato sinadarin ƙarfe, in ba ta magani. Sai ga shi 84. To ina aka dosa?

Auta CHEW: Wa alaikumus salam Anti. Ai 80 zuwa 100 shi ne daidai, ke nan girman ƙwayoyin jininta lafiya lau. Yadda aka koya mana, in MCV daidai ne kuma jini ya yi ƙasa, sai a nemi ciwo mai daɗewa, kamar ƙoda ko tarin fuka, ko kuma jini ne ya zuba kwanan nan. Ni dai zan ce a duba ƙoda. Ba maganar ayon a nan.

Baba Na Lab: Auta, rabin maganarka gaskiya ce, amma ka tsaya a layi na huɗu ba ka sauka na biyar ba. MCV ba girman ƙwaya ɗaya ba ne. Na'ura ta auna dubban ƙwayoyi ne ta fitar da matsakaici. Ka ɗauki lissafin da kanka: HCT, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka ɗauka a cikin jini, sau goma, a raba da RBC, wato yawansu. 275 a raba da 3.27, ya ba ka 84. Lissafi bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka ko su waye a cikin taron ba.

Ka zuba gero da masara a kwano ɗaya, ka auna matsakaicin girman tsaba, za ka samu kusan girman dawa. Alhali ko tsaba ɗaya ta dawa babu a kwanon. Aikin RDW ke nan, shi ne ke gaya maka ko ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya ne ko kuwa sun sha bamban. A mafi yawan na'urori RDW-CV yana tsakanin 11.5 da 14.5, RDW-SD kuma wajen 39 zuwa 46. Wannan baiwar Allah tana da 21.3 da 63. Wannan ba ɗan tashi ba ne. Mai ciwon ƙoda ko tarin fuka yawanci ƙwayoyinsa kusan tsara ɗaya ne, RDW daidai ko ya ɗan ɗaga kaɗan. Ba na cewa kada a duba ƙodar, amma ba ita ce ta farko a zargi ba.

Auta CHEW: To Baba, ke nan in RDW ya hau, MCV ya tashi daga aiki?

Baba Na Lab: Bai tashi ba, amma ba za ka yarda da shi shi kaɗai ba. In RDW daidai ne, MCV yana wakiltar kusan kowace ƙwaya, ka riƙe shi. In RDW ya hau haka, sai ka tambayi kanka: su wane ne ƙananan, su wane ne manyan?

Sista, takardar da aka ba ta ta na'ura ce kai tsaye, 'yar siririyar nan mai kama da rasit, ko kwafa aka yi da biro?

Sista Mai Awo: Ta na'ura ce Baba. Har ta fara koɗewa, a cikin lalita ta naɗo ta.

Baba Na Lab: Madalla. Ɗauke ta a hoto tun rubutun bai ɓace ba. Ki duba ƙasa, akwai zane uku masu kama da tudu. Na tsakiya an rubuta RBC a kansa. Na mai lafiya tudu ɗaya ne, tsukakke, ƙololuwarsa wajen 90. Me kika gani?

Sista Mai Awo: Ba tsukakke ba ne. Ya baje sosai. Akwai ƙololuwa wajen 70, sannan ya sauko kaɗan ya sake yin wani ɗan tozo can bayan 100.

Baba Na Lab: To ga amsar rabin tambayarki. Jama'a biyu ne a jikinta, ƙanana da manya, 84 ɗin nan kuwa ya faɗo ne a kwarin da ke tsakaninsu.

Maman Iman: Sannunku da aiki. Ni dai shawarata a ba ta zogale da ganyen ugu, da maltina a haɗa da madara safe da yamma. Ƙanwata da ta haihu haka aka yi mata, sati biyu jini ya dawo. Duk waɗannan lambobin wahalar da talaka ne kawai.

Dakta Tudun Wada: Maman Iman, ganye abinci ne mai kyau, ba wanda zai hana ta. Maltina da madara kuwa sukari ne da ƙarfin jiki na ɗan lokaci, madara ma ayon ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai. Mai HGB, wato ma'aunin ƙarfin jini, 8.9 tana shayarwa, ba a barin ta a kan wannan.

Baba ya kai mu bakin ƙofa. Kafin a ce ƙarancin abu biyu ne ya haɗu, Sista, akwai tambayoyin da za su iya rushe mana zato, domin ba hanya ɗaya ke kawo tozo biyu ba. An ƙara mata jini lokacin haihuwa ko bayanta? Ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, saboda haka wanda aka ƙara wa jini cikin wata biyu ko uku da suka wuce zai nuna nasa ƙananan da na mai bayarwa a gefe guda. Ta fara shan maganin ƙarin jini kafin a ɗebi jinin? In mai ƙarancin ayon ya yi sati biyu ko uku yana shan ayon, ɓargo zai fara fitar da sababbi masu cikakken girma, tsofaffin ƙananan kuma suna nan ba su mutu ba, sai RDW ya ƙara hawa. Wannan alamar magani na aiki ne, ba taɓarɓarewa ba. Sannan jinotayif ɗinta, da ko idonta ya yi ɗorawa. Mai sikila SS yakan zo da MCV daidai, RDW kuma a sama, kuma duk wanda jininsa ke fashewa ɓargonsa na turo jariran ƙwayoyi, retik, waɗanda suka fi tsofaffin girma.

Sista Mai Awo: Ba a taɓa ƙara mata jini ba, a gida ma ta haihu. AA ce, yana rubuce a katin awo. Ido fari ne ba rawaya, saifa ba ta kumbura ba. Maganin awo kuwa ta ce ta sha na 'yan kwanaki ta ajiye, ja ɗin yana tayar mata da zuciya. Tun daga nan ba ta sha komai ba. Abin da na lura, harshenta ya yi sumul ya yi ja, gefen baki ya tsage. Kuma da na matsa ta ce tana cin farar ƙasa, wai in ba ta ci ba hankalinta ba ya kwanciya.

Dakta Tudun Wada: To labarin ya fara haɗuwa. Kwaɗayin farar ƙasa da PLT 465 suna tafiya da ƙarancin ayon, domin PLT, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, yakan ɗan hau a irin wannan hali. Ciki bakwai, kowanne ya kwashi nasa, ba a mayar ba. Su ne ƙananan. Manyan kuwa na fi zargin folik asid. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce 'yan watanni, ciki da shayarwa suna cinye shi da sauri, miyar da aka daɗe ana tafasawa kuma ta riga ta kashe yawancin wanda ke cikin ganye. Rashin ayon na jan MCV ƙasa, rashin folik na jan shi sama, sai su haɗu a tsakiya.

Amma zato ne har yanzu. A shafa jinin a gilashi a duba.

Ɗalibar Lab: Baba, in an ba ni gilashin me zan nema takamaimai? Mu a makaranta an nuna mana kowanne daban, ba a haɗe ba.

Baba Na Lab: 'Yata, ki je inda shafin ya yi siriri, inda ƙwayoyi ke kusa da juna amma ba su hau kan juna ba. Ki nemi ƙaramin limfosayit, wato wata farar ƙwayar jini, ki yi ma'auni da shi, domin jar ƙwaya ta ƙwarai kusan girman cibiyarsa take. Na ƙarancin ayon za ki gan su ƙanana, farin tsakiyarsu ya faɗaɗa har sai ɗan zobe ja ya rage a gefe, wasu kuma sun miƙe siriri kamar fensir. A kusa da su, in zaton Dakta daidai ne, za ki ga manya masu siffar ƙwai, cike da launi, ba farin tsakiya sosai. Sannan ki bar jajayen ki koma kan farar ƙwayar nan nutrofil ki ƙirga rassan cibiyarsa. Uku ko huɗu ne aka saba. In kika ga mai shida ko da guda ɗaya ne, ko masu biyar sun yi yawa, to folik ko B12 ne. Wannan alamar ba ta ɓuya ko da ƙarancin ayon ya danne MCV.

In kuwa manyan da kika gani zagayayyu ne masu ɗan shuɗi-shuɗi, to retik ne, magana ta koma kan fashewar jini ko zubarsa. Na'ura ba ta bambance miki waɗannan biyun, duk manya ta ƙirga su.

Malam Na Pantami: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni malamin makaranta ne ba ma'aikacin lafiya ba. Matata kullum aka gwada sai a ce jininta bai cika ba, a rubuta maganin ƙarin jini. Kwalabe nawa ta sha Allah ne ya sani, ba abin da ya canja, kuma ita lafiyarta ƙalau, tana aikinta. Ga na watan jiya: HGB 11.8, HCT 38, RBC 5.5, MCV 69, RDW-CV 14.0. Jinotayif AA. Ita ma abu biyun ne suka haɗu?

Auta CHEW: Wannan kam ayon ne ƙarara, MCV 69. Wataƙila tana shan maganin da shayi ne, shayi na hana shi shiga jiki.

Dakta Tudun Wada: Maganar shayi gaskiya ce Auta, amma duba takardar da kyau. Wannan kishiyar ta farko ce. Ƙwayoyin ƙanana ne, amma duk girmansu ɗaya, RDW 14.0. A ƙarancin ayon, ajiya tana ƙarewa ne sannu a hankali, ƙwayar da aka ƙera wannan watan ta fi ta watan jiya ƙanƙanta, shi ya sa RDW ke hawa, sau da yawa ma tun kafin MCV ya sauka. Kafin ƙarancin ayon ya kai MCV 69, da wuya a ce HGB na nan 11.8, kuma da wuya RBC ya kai 5.5. Jikin da ke ƙera ƙwayoyi da yawa, ƙanana, masu kai ɗaya, shekara da shekaru, yawanci haka aka halicce shi. Ina nufin gadon talasimiya.

Akwai ɗan lissafin Mentzer, MCV a raba da RBC. Ƙasa da 13 ya karkata ga talasimiya, sama da 13 ga ayon. Nata 69 a raba da 5.5, 12.5 ke nan. Ya karkata, amma kusa da iyaka yake, ba hukunci ba ne.

Malam Na Pantami: Subhanallahi. Dakta, ai na ce AA ce. Kuma ni na ɗauka wannan ciwon na Larabawa da Indiyawa ne.

Dakta Tudun Wada: Kwantar da hankalinka Malam. Nau'in alfa mai sauƙi yana da yawa a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, kuma mai shi yana rayuwarsa lafiya, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure A da S da C yake rabewa, ba ya ganin alfa, AA zai rubuta. Nau'in beta ana kama shi da auna HbA2, in ya haura 3.5 cikin ɗari. Alfa kuwa sai gwajin ƙwayar halitta ke tabbatar da shi, mafi yawan lokaci dai ana kai wa gare shi ne bayan an kore sauran.

Abin da za ka yi: ta auna feritin, ma'aunin ajiyar ayon a jiki, lokacin da take lafiya, ba zazzaɓi. In ajiyar ayon ɗinta cike take, a daina tonik ɗin nan, ba shi da amfani gare ta, kuma ayon ba ya fita daga jiki da sauƙi in ya taru. Ka nemo tsofaffin takardunta ma. In shekarun baya MCV yana nan wajen 69 bai motsa ba, ya ƙara ƙarfin zato. In kuwa ta taɓa yin 88, to ba gado ba ne.

Baba Na Lab: Na yarda da Dakta, amma bari in ja birki kaɗan kada yara su mayar da shi doka. RDW ba ya raba ayon da talasimiya tsaf. Akwai masu gadon talasimiya da RDW-CV ɗinsu ya hau, kuma wani ɓangare na dalilin lissafi ne:

```
RDW-CV = (SD / MCV) x 100
```

SD a nan bazuwar girman ƙwayoyin ne. Tunda da MCV ake raba shi, in MCV ya ƙanƙance amsar sai ta kumbura ko da bambancin girman bai ƙaru ba. Shi ya sa in MCV ya yi ƙasa nake leƙa RDW-SD, wanda faɗin tudun ne kai tsaye, ba a raba shi da komai ba. Sannan mace mai gadon talasimiya ita ma tana haila tana haihuwa, za ta iya haɗa duka biyun. Mai AC ko CC ma yakan zo da MCV a ƙasa.

Ɗalibar Lab: Baba, jinin da ake kawowa daga ƙauye fa? Wani sai ya kwana a hanya.

Baba Na Lab: Tambaya mai kyau. Jini in ya daɗe a kwalbar EDTA, musamman da zafin nan namu na watan Afrilu, ƙwayoyi na kumbura, MCV ya hau da kansa. Mai 77 zai iya fitowa da 80 da wani abu, a ce masa lafiya. Sista, a ina aka ɗebi na matar nan?

Sista Mai Awo: A can Gombe aka ɗiba, da kanta ta je, ta jira aka ba ta sakamako a ranar.

Baba Na Lab: To mun tsira daga wannan.

Sista Mai Awo: Salamu alaikum, na dawo da labari. An duba gilashin. Mai dubawar ya rubuta ƙanana masu koɗaɗɗen launi da masu siffar fensir, tare da manya masu siffar ƙwai, da nutrofil masu rassa shida. Bai ga ƙwayar maleriya ba, bai ga sikila ba. Kiriyatinin, gwajin ƙoda, daidai. Feritin 24. B12 da folik kuwa mijin ya ce kuɗin sun fi ƙarfinsa, sai an sayar da wake.

Auta CHEW: Ƙoda ta fita ke nan. Amma feritin 24 ai ya haura 15 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Anya akwai ƙarancin ayon?

Dakta Tudun Wada: Ƙasa da 15 tabbas ne, amma wanda ya haura 15 bai kuɓuta ba. Likitoci da yawa da 30 suke aiki. Kuma feritin yana hawa in akwai kumburi ko wata cuta a jiki, har hukumar da ka ambata ta ce a baligi mai kumburi a ɗauki ƙasa da 70. Feritin 24 tare da abin da aka gani a gilashi ya ishe ni.

Sista, ga yadda zan yi. Feros salfet 200 mg, wanda ke ɗauke da ayon kusan 65 mg, ƙwaya ɗaya a rana, ba sau uku ba, tunda tashin zuciya ne ya kore ta da farko. In bai zauna ba, a koma kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Nesa da shayi da madara, kuma a gaya mata bayan gida zai yi baƙi kada ta tsorata. Folik asid 5 mg kullum. Albendazol 400 mg sau ɗaya saboda tsutsar ciki, tunda tana noma. A tambaye ta jini a fitsari ko bayan gida, da yadda hailarta take in ta dawo. Farar ƙasar ma ta bari.

Famasis Bajoga: Dakta, a nan ne ban gamsu ba. Gilashi ba ya bambance rashin folik da rashin B12, kamanninsu ɗaya. In B12 ne matsalar aka ba ta folik shi kaɗai, jini zai gyaru, jijiyoyi kuwa su ci gaba da lalacewa ba wanda ya sani. Kuma tana shayarwa, jaririn daga nononta yake samun nasa B12. Allurar B12, haidroksokobalamin 1 mg, ba ta kai kuɗin gwajin ba. Me zai hana a haɗa mata?

Dakta Tudun Wada: Hujjarka mai ƙarfi ce. Abin da ya sa na karkata ga folik, ajiyar B12 a hanta tana ɗaukar shekaru kafin ta ƙare. Sista, tana shan nono ko kindirmo? Nama ko kifi fa? Ƙafafunta na mutuwa ko tana jin kamar ana tsira mata allura? Tana tangaɗi in ta rufe ido a tsaye?

Sista Mai Awo: Nono tana sha lokaci-lokaci da fura, nama sai an yi suna ko salla. Ƙafa ta ce da dare tana jin zafi-zafi a tafin, amma ta ce tun cikin nan na ƙarshe ne. Tafiyarta daidai, ba tangaɗi.

Famasis Bajoga: To ka ji. Ni ba zan saki folik kaɗai a kan wannan tafin ƙafar ba.

Dakta Tudun Wada: Zafin tafin ƙafa abubuwa da yawa na kawo shi, amma ba zan yi musu ba, a yi mata allurar. Damuwata ɗaya ce: in an yi, gwajin B12 na gaba ba zai gaya mana komai ba, ba za mu san ko mai buƙatar allura ce har ƙarshen rayuwa ko ta ɗan lokaci ba. In da hali a ɗebi jinin gwajin tukuna, sannan a tsira allurar.

Famasis Bajoga: In an jira wake kuma sai yaushe?

Baba Na Lab: A ɗiba yanzu, a raba ruwan jinin a daskarar da shi, in akwai firizar da wuta ba ta yanke mata. Wannan "in" ɗin dai kun san girmansa.

Sista, abu ɗaya kada ya firgita ki. In kika sake gwaji bayan sati biyu ko uku, RDW zai iya haura 21.3 ɗin nan, domin ga sababbi masu girman daidai sun shigo cikin ƙanana da manya. MCV ma zai iya sauka ƙasa da 80 in folik ya riga ayon aiki, manyan sun ragu ƙananan sun bayyana. HGB za ki sa wa ido, ya kamata ya ƙaru da kusan 1 zuwa 2 cikin sati uku ko huɗu. In bai motsa ba, ko ba ta sha, ko jini na zuba a wani wuri, ko mun yi kuskuren zato, sai a tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya. In ya cika kuma a ci gaba da ayon wata uku don a cike ajiya.

Sista Mai Awo: Na rubuta duka. Firizarmu ta rigakafi ce, ba a sa jini a ciki. Zan kira mijin yau in ji ko zai iya kai ta Gombe ranar Litinin a ɗiba, in ba zai iya ba allurar zan yi mata.

Malam Na Pantami: Na samo takardar matata ta 2019 a cikin katin awo. MCV 70, RDW-CV 13.8. Feritin ɗin sai an yi albashi.